Ba Daji Ba Ne, In Ji Takarda

Mu ƙaddara mata biyu 'yan gida ɗaya, wata budurwa mai shekara 22 da gwaggonta mai shekara 47. Kowacce ta ji ƙululu a mama, kowacce an tsakuri nama daga ƙululun an kai ɗakin gwaji, kuma bayan mako biyu kowacce ta karɓo takarda a ambulan. Takardun da Turanci suke, cike da kalmomin da ko ɗan jami'a sai ya yi ta inda-inda kafin ya karanta su. Amma a ƙasan kowacce akwai kalma guda da idon ma'aikacin asibiti ke fara nema, wadda ake rubutawa benign, ake furtawa binain. A Nijar, inda ake rubuta sakamako da Faransanci, za a ga bénin ko bénigne, abu ɗaya ne. Wani ya duba ya ce musu, "Alhamdu lillahi, ba daji ba ne." Gida ya kaure da murna, aka yi sadakar waina, aka buga wa 'yan uwa waya.

Murnar budurwar tana kan hanya. Ta gwaggon kuwa an yi ta da wuri, ga shi kalmar da ke takardunsu iri ɗaya ce harafi da harafi.

Asalin kalmar daga Latin ne, inda take nufin mai kirki, mai sauƙin hali. Kishiyarta, wadda ake rubutawa malignant, tana nufin mai mugun hali. Likitoci sun ari kalmomin nan biyu don raba ƙari gida biyu, kuma hali ɗaya tak suke aunawa: shin wannan tsiro yana keta iyakarsa ya kutsa cikin naman da ke maƙwabtaka da shi, ya bi jini ko hanyar kaluluwa ya je ya kafa sansani a huhu, hanta ko ƙashi? In yana yi, shi ne ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara ko kansa. In yana zaune a inda ya tsiro, yana girma yana ture maƙwabta amma ba ya yin ƙaura, shi ne binain. Iyakar shaidar da kalmar ke bayarwa ke nan. Ba ta ce abin ƙarami ne ba, ba ta ce ba zai yi ciwo ba, ba ta ce zai tafi da kansa ba. Kuma shaidar ma a kan ɗan naman da ya isa gaban mai dubawa take, a ranar da aka ciro shi.

Wannan na ƙarshe shi ne inda aka fi tuntuɓe, don haka bari mu bi naman daga jiki har zuwa takarda.

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi da buhu a kasuwar Dawanau ya san ƙarfen nan mai kwarmi da ake soka wa buhu a zaro 'yan ƙwayoyi a tafin hannu. Mai saye ba ya kwance buhu ya zazzage, abin da ƙarfen ya fito da shi yake dubawa ya yanke hukunci. Gogaggen ɗan kasuwa kuma ba ya sokawa wuri ɗaya, sai ya soka sama, ya soka tsakiya, ya soka gindi, domin ya san akwai algus. Gwajin da likitoci ke kira bayofsi haka yake. Akwai na siririyar allura, irin ta allurar yau da kullum, wadda ke zuƙo 'yan ƙwayoyin halitta a shafa a gilashi. Akwai na allura mai kauri, mai ɗan harbi kamar tarko, wadda ke yanko sililin nama bayan an kashe zafin wurin. Akwai kuma wanda ake yin tiyata a cire ƙululun dungurungum a aika da shi.

A ƙululun mama, na tsakiyan nan aka fi dogara da shi. Kowane silili tsawonsa wajen santimita 2 ne, kaurinsa bai kai na tsinken ashana ba, kuma akan ɗauki 3 zuwa 5. Ƙululun gwaggon nan faɗinsa santimita 3 ne, wato kamar goro. In aka haɗa duk sililin da aka ciro daga gare shi, ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙululun ba. Sauran yana nan a jikinta, ba wanda ya gan shi.

Da an ciro naman sai a jefa shi cikin ruwan magani mai suna fomalin, wanda ke daskarar da shi yadda yake kafin ya fara ruɓa. A ɗakin gwaji a tsane ruwan jikinsa, a binne shi cikin kaki irin na kyandir ya zama ɗan curi mai kusurwa huɗu, sannan a sa shi a na'ura ta yanyanko shi fale-fale, sirantar da silin gashin kai ya ninka ta fiye da sau 10. A ɗora yankan a gilashi, a rina shi da rini biyu, shuɗi mai duhu da ja-ja, sai likitan nazarin nama ya zauna gaban madubin ƙara girma ya duba. Shi wannan likita galibi bai taɓa ganin mai jinyar ba. Abin da ke gabansa gilashi ne da 'yar takardar da likitan farko ya cika. In an rubuta masa "ƙululu a mama" kawai, ba shekaru, ba girma, ba abin da hoto ya nuna, to an ɗaure masa hannu ɗaya tun kafin ya fara.

A nan zan ɗan ratse, domin akwai abin da ke faruwa a wurarenmu da ya kamata a faɗa. Ɗakunan da ke wannan aiki a Arewa ba su da yawa, galibinsu suna manyan asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Sakkwato da na Maiduguri, sai wasu 'yan na kuɗi a manyan birane. Saboda haka sau da yawa ɗan uwan majinyaci ake miƙa wa kwalba a ce ya kai. In aka zuba naman cikin ruwan gishirin asibiti ko ruwa zalla maimakon fomalin, ya kwana biyu a mota cikin zafin bazara, abin da zai isa ɗakin gwaji ruɓaɓɓen nama ne da ba ya ba da shaida. Ƙa'ida ita ce fomalin ya ninka naman wajen sau 10, ya shanye shi gaba ɗaya, kuma a sa shi nan take. Mafi muni shi ne a cire ƙululu a ƙaramin asibiti, a nuna wa dangi a roba, a ce ai da gani ba mugu ba ne, su je su binne. Ido tsirara ba ya raba binain da kishiyarsa. Duk naman da aka cire don ana zargin ƙari, wurinsa ɗakin gwaji ne.

To mu koma ga matan nan biyu. Likitocin mama suna da doka da suke aiki da ita: shaidu uku, kuma dole bakinsu ya zo ɗaya. Na farko hannun likita, abin da ya ji da ya taɓa. Na biyu hoto, ko dai sikanin ko hoton mama da ake kira mamogiram. Na uku naman da aka duba.

Budurwar, ƙululunta santimita 2 ne, sumul, mai taushin roba, yana zillewa ƙarƙashin yatsa kamar ana wasan ɓuya da shi. Sikanin ya nuna abu mai siffar ƙwai, gefensa a shate tsaf. Takardar gwajin nama kuma ba ta tsaya ga cewa binain ba, ta kira abin da sunansa: faiburo'adinoma, ƙarin da ya fi kowane yawa a maman 'yan mata da matan da ba su kai 35 ba. Hannu ya ce ga abin da nake zato, hoto ya ce ni ma haka, nama ya ce shi ne. Irin wannan sakamako ana iya kwana a kansa da minshari.

Gwaggon kuwa nata ƙululun tauri gare shi kamar dutse, ba ya motsi, gefensa ba ya kamuwa, fatar da ke samansa ta ɗan loɓa ciki. A ƙasan takardar sikanin an rubuta BI-RADS 5. Wannan ma'auni ne da masu karanta hoton mama ke amfani da shi: lamba 3 tana nufin yiwuwar daji ba ta wuce 2 cikin 100 ba, lamba 4 akwai zargi sai an tsakuri nama, lamba 5 kuwa yiwuwar ta kai 95 cikin 100 ko fiye. Sai ga takardar nama ta dawo tana cewa an ga kitse da lafiyayyen naman mama, ba a ga alamar daji ba, binain.

A karanta wannan jimla da kyau. Ba ta ce ga sunan ƙululun ba. Cewa ta yi an ga naman mama irin wanda kowace mace ke da shi. To ai lafiyayyen nama ba ya yin tauri kamar dutse, ba ya jan fata. Ke nan tambayar da ta kawo gwaggon asibiti, wato mene ne wannan abin, ba a amsa ta ba. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne allurar ta zame ta gefen ƙululun ta tsakuro maƙwabcinsa. Ƙari mai tauri yakan ture allura, kuma in hannu kawai aka yi amfani da shi wajen saitawa, ba tare da ana kallon allurar a sikanin ba, kuskuren ya fi sauƙin aukuwa. Wani lokaci kuma allurar takan faɗa tsakiyar ƙari inda naman ya riga ya mutu, ta fito da abin da ba ya karantuwa. Likitan nazarin nama bai yi ƙarya ba, bai ma yi kuskure ba. Abin da aka ba shi ya duba, kuma abin da aka ba shi lafiya lau yake.

Asibitocin Birtaniya sun ga hatsarin wannan har suka raba sakamakon allurar mama da lambobi, kuma wasu ɗakunan gwaji a wasu ƙasashe sun bi su. B1 na nufin lafiyayyen nama kawai aka gani, ko naman bai isa ba. B2 na nufin an ga takamaiman abu kuma binain ne. Daga nan B3 mai shakku, B4 mai zargi, B5 daji. Budurwar tamu B2 ce, gwaggonta B1. A bakin mai fassara a baranda, duka biyun "ba daji ba ne".

Likitan da ya san aikinsa, in ya jera takardun gwaggon uku a tebur, ga abin da zai ce: "Hajiya, wannan sakamakon bai gamsar da ni ba. Abin da hannuna ya ji da abin da hoto ya nuna daban, abin da takardar nan ta faɗa daban. Za mu sake ɗauka, wannan karon muna kallon allurar a sikanin har ta shiga cikin ƙululun."

Ita kuma, da gaskiyarta, za ta ce: "Likita, ai an ce ba komai. Kuɗin wancan ma da kyar Alhaji ya haɗa. Kuma ka san an ce daji ba ya son allura."

Kowace magana cikin ukun nan tana da nauyi, kuma ba na ganin daidai ne a yi mata dariya. Kuɗin gwaji da na mota da na kwana a birni ba ƙaramin abu ba ne. Amma maganar allura, abin da ya sa ta kama zukata shi ne mutane da yawa ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya ci ƙarfinsu, sai a yi gwaji, bayan 'yan watanni su rasu, a ɗora wa allura laifin da jinkiri ya yi. Tsakurar nama daga mama ba ta sa daji ya bazu. Abin da ke ba shi damar bazuwa watannin da zai samu ne in aka naɗe takardar farko aka sa a ƙasan akwati. Ƙululun da yau yake kamar goro, bai taɓa kaluluwar hammata ba, in aka bar shi shekara guda yana iya dawowa ya fashe fata, kuma maganin wancan da na wannan ba ɗaya ba ne, haka ma abin da ake sa ran samu.

Kada wannan ya sa mai karatu ya raina gwajin. A hannun gwani, da sikanin yana nuna hanya, allura mai kauri tana kuskuren daji a 'yan kaɗan ne ƙwarai, wajen 1 zuwa 3 cikin 100, kuma yawancin waɗannan ana kama su nan da nan ta hanyar gwama shaidun nan uku. Mafi yawan ƙululun mama da ake tsakura ba daji ba ne, kuma mafi yawan takardun da suka ce binain gaskiya suka faɗa. Akwai dai gaɓoɓin da kuskuren ya fi yawa. Mazan da ake zargin dajin furostet, gaɓar nan da ke ƙarƙashin mafitsara, akan soka musu allura wuri 12 a sassa daban-daban, amma duk da haka ƙaramin daji kan ɓuya a tsakanin hujin. Shi ya sa dattijon da aka ce masa binain, in gwajin jininsa na PSA ya ci gaba da hawa, ba a sallamarsa.

Yanzu mu bar batun kuskuren allura. A ce shaidu uku sun yarda, kalmar ta tabbata. Me ya rage?

Ya rage wurin da abin ya zauna. Ƙarin kitse da ke fitowa a kafaɗa ko gadon baya mutum na iya tsufa da shi bai dame shi ba, domin akwai fili. Ƙoƙon kai kuwa ba shi da fili, akwati ne na ƙashi a rufe. Akwai ƙarin da ke tsirowa daga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, ana kiransa meninjiyoma, ya fi kama mata, kuma wajen 8 cikin 10 nasa binain ne. Ba zai je huhu ba, ba zai je hanta ba. Amma yana girma a hankali yana danne ƙwaƙwalwa, sai a ga babban mutum ya fara farfaɗiya bai taɓa yi ba, ko ɓarin jiki ya yi rauni, ko hali ya sauya har a fara kai shi wurin masu ruƙiyya. Haka ƙaramin ƙari a gaɓar fituwitari, da ke ƙasan ƙwaƙwalwa dab da mahaɗar jijiyoyin ido, yakan fara cinye gani daga gefe-gefe, mutum ya riƙa karo da ƙyaure bai san dalili ba. In jijiyar ta daɗe a danne, ko an cire ƙarin ganin ba lallai ya dawo ba. Maƙoƙo ma galibi binain ne, amma in ya gangara bayan ƙashin ƙirji yana iya matse maƙogwaro. Ƙarin mahaifa, wanda matanmu suka sani da faiburod, kusan kullum binain ne, ga shi yana zubar da jinin mace har ta yi fari fat ana neman masu ba da jini.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na muƙamuƙi, domin asibitocin koyarwa na Nijeriya sun saba ganinsa. Sunansa amilobulastoma, yana tasowa daga ragowar ƙwayoyin da suka gina haƙori, kuma wajen 8 cikin 10 a muƙamuƙin ƙasa yake, can wajen turame. Ya fi kama matasa da masu matsakaicin shekaru. Ba ya ciwo, wannan ce dabararsa. Kumatu ya ɗan tasa, haƙori ya fara girgiɗi, a cire haƙorin a ce shi ke nan. Shi kuwa yana ciki yana rarake ƙashi kamar gara a azara, shekara biyu, shekara biyar, har fuska ta karkace, cin tuwo ya gagara. Takardarsa binain take cewa, kuma daidai ne, domin da wuya ƙwarai ya yi ƙaura. Amma yana tura 'yan yatsu cikin ramukan ƙashi fiye da inda ido ko hoto ke gani. In aka kankare shi kawai, a nau'insa da ya fi yawa, rahotanni da dama sun nuna fiye da rabi yakan dawo, wani bayan shekara 10. Saboda haka likitocin fiɗar muƙamuƙi ke yanke shi tare da santimita 1 zuwa 1.5 na lafiyayyen ƙashi ta kowane gefe, wani lokaci rabin muƙamuƙi ke nan, a maye gurbin da ƙarfe ko da ƙashin da aka ɗebo daga haƙarƙari, ƙugu ko ƙafa. Ka yi tunanin saurayin da aka ce wa ranar Litinin "ba daji ba ne", ranar Alhamis kuma aka ce za a cire masa rabin muƙamuƙi. Dole ya zaci ana ɓoye masa wani abu. Ba a ɓoye komai ba, fassarar da aka yi masa ce ta yi alkawarin da kalmar ba ta yi ba.

Akwai kuma takardar da ke cewa ba daji ba ne alhali a layin da ke sama ta ambaci wata cutar. Kaluluwar wuya da ta ƙi sauka, aka tsakura, aka rubuta ba a ga daji ba amma an ga wani irin kumburi mai dunƙule-dunƙule da mataccen nama mai kama da cuku a tsakiya: a ƙasarmu wannan tarin fuka ne har sai an tabbatar ba shi ba ne, kuma maganinsa wata 6 ne. Wanda ya ji rabin farko na jimlar ya tashi, ya bar rabin da ke da aiki.

Sai batun gobe. Yawancin ƙarin binain ba sa rikiɗa su zama daji, kuma faiburo'adinoma irin na budurwar nan yana cikinsu. Amma kalmar laima ce babba, kuma waɗanda ke ƙarƙashinta ba halinsu ɗaya ba. A 2005 likitocin asibitin Mayo da ke Amurka sun buga sakamakon bibiyar mata 9,087 da aka yi wa gwajin naman mama aka ce binain, an bi su kimanin shekara 15. Waɗanda namansu bai nuna ƙwayoyi na yawaita ba, hatsarin kamuwarsu da dajin mama daga baya ya ɗan ɗara na sauran mata kaɗan. Waɗanda ƙwayoyinsu ke yawaita amma siffarsu daidai, hatsarin ya kusa ninki 2. Waɗanda kuwa ƙwayoyin ke yawaita kuma siffarsu ta fara kaucewa, hatsarin ya kai wajen ninki 4. Dukansu an ce musu ba daji ba ne, kuma dukansu gaskiya aka faɗa musu. Bambancin yana cikin layukan tsakiyar takarda, waɗanda ba a cika fassara wa kowa ba. Tsiron cikin hanji ma haka ne: wani nau'insa binain ne a yau, amma shi ne tushen mafi yawan dajin hanji, a hankali cikin shekaru wajen 10, shi ya sa in an gan shi ake cirewa, a kuma sa ranar sake leƙawa. Ƙarin da ke fitowa a gaban kunne, a gaɓar da ke yin yawu, shi ma binain ne galibi, amma wanda aka bari shekara 15 ko fiye wani kaso nasa yakan juye.

Ni a ganina, laifin ba na kalmar ba ne, na yadda muke miƙa ta ne. A layin da mutum ɗari ke jira, likita na da minti kaɗan, ga mai jinya da tsoro ya cika mata ciki, sai ya zaɓi jimla mafi gajarta mai kwantar da hankali. Hausar da ke kusa da baki kuma ita ce "ba komai". To "ba daji ba ne" da "ba komai" ba ɗaya ba ne, tsakaninsu akwai tafiya. Da za a ce "wannan naman da muka duba ba daji ba ne, sunansa kaza, ga abin da za mu yi da shi", da an ƙara daƙiƙa goma an rage hasara mai yawa. Mai jinya ma tana da damar tambaya kafin ta tashi daga kujera: Likita, mene ne sunan abin? Ya dace da abin da ka ji da abin da hoto ya nuna? An cire shi duka ko tsakura aka yi? Yaushe zan dawo, kuma me zan gani in dawo kafin ranar? In amsar tambayar farko ita ce "ba a ga komai ba" alhali ga ƙululu yana nan ana taɓawa, to ba a gama ba.

Ko budurwar tamu, da shaidunta uku suka yarda, ba a ce mata ta tafi har abada ba. Faiburo'adinoma yana da wani ɗan uwa mai kama da shi ƙwarai a sililin allura, ana kiransa filodis, daga kalmar Girkanci mai nufin ganye, saboda yadda cikinsa ke naɗewa. Johannes Müller, wani masani Bajamushe, shi ya siffanta shi a 1838. Ba shi da yawa, bai kai 1 cikin 100 na ƙarin mama ba, kuma ya fi zuwa wa matan da suka haura 40. Amma yana girma da sauri, wani binain ne, wani tsaka-tsaki, wani daji, kuma ko binain ɗin yakan dawo in ba a cire shi da kyau ba. Abin da ke raba su da faiburo'adinoma sau da yawa ba allura ba ce, lokaci ne. Shi ya sa ake ce wa budurwar ta dawo bayan wata 6 a sake aunawa da sikanin. In santimita 2 ɗin nan yana nan yadda yake, ko ya ragu, sai a bar shi. In ya ƙaru da fiye da kashi ɗaya bisa biyar, ko ya kai santimita 3 yana neman wucewa, sai a cire shi gaba ɗaya a duba shi daga gefe zuwa gefe.

Gwaggon kuwa, in ta yarda aka sake tsakura, sakamako na biyu na iya fitowa daji, kuma a hoto mai lamba 5 hakan aka fi sa rai. Yana iya fitowa wani abu mai suna wanda ke kwaikwayon daji a hoto, kamar kitsen da ya mutu bayan buguwa ko tsohon tabon aiki, ko ma tarin fuka na mama, wanda shi ma ana ganinsa. In na biyun ma ya dawo da lafiyayyen nama, ba a yin na uku da allura, sai a cire ƙululun da tiyata.

A saman kowace takardar gwajin nama akwai lamba, galibi haɗe da shekarar da aka yi aikin. Ita ce lambar curin kakin nan da naman ke ciki, kuma ɗakunan gwaji suna ajiye curin da gilasansa shekaru. Da wannan lamba ake iya neman a sake yanka, a ƙara wani rini, ko a ɗauki gilasan a kai wa wani likitan nazarin nama a wani gari ya duba da nasa idon. Ranar da ƙululu ya dawo a wuri ɗaya bayan shekara huɗu, abin da sabon likita zai fara tambaya shi ne me aka gani a na farko, kuma "an ce ba komai" ba ta isa ya nemo curin ba. Sai lambar da sunan ɗakin gwajin.